Aikin ƙirar ƙasa da kwamfuta: noyis, zaizayar ruwa da fenti, yadda yake tafiya

Asabar, 5 ga Oktoba 2024

Yau na fara da gaske. Abin da nake so shi ne fili mai faɗin mita 4096 kowane gefe, da tsaunuka da kwari da fadama, wanda kwamfuta za ta ƙera da kanta daga lamba ɗaya ba tare da na zauna ina sassaƙa shi da hannu ba. Python da NumPy nake amfani da su wajen lissafin, nunawa kuma a Godot 4, manhajar ƙera wasannin kwamfuta.

Gabaɗaya ƙasar taswirar tsayi ce kawai, wato tebur na lambobi 1025 sau 1025, kowace lamba tana faɗin tsayin ƙasa a wannan gurbin. Tsakanin gurbi da gurbi mita 4 ne, wurin da ya fi ko'ina tsayi kuma mita 400. Na rubuta waɗannan lambobi biyun, 4 da 400, a saman fayil ɗin.

Tushen siffar noyis ɗin Perlin ne, wanda Ken Perlin ya ƙirƙiro a 1983. Shi kaɗai idan ka kalle shi tudu ne da gangare masu santsi kamar an shimfiɗa bargo a kan ƙwarya, babu wani ƙaramin abu a jikinsa. Dabarar ita ce a jera shi hawa-hawa, kowane hawa ana ce masa oktif. Na farko faɗin tudunsa mita 2048, na biyu 1024 amma ƙarfinsa rabin na farko, na uku 512 da rubu'in ƙarfi, haka har ƙasa.

```python
amp, wl = 1.0, 2048.0
for i in range(8):
    h += amp * perlin(x / wl + off[i][0], y / wl + off[i][1])
    amp *= 0.5
    wl /= 2.0
```

Da farko oktif 12 na saka don ina ganin yawa shi ne kyau, sai na ga na ƙarshe-ƙarshen ba su ƙara komai sai ɓata lokaci. Dalili kuwa oktif na takwas faɗinsa mita 16 ne, gurbi huɗu kenan. Na tara mita 8, gurbi biyu, nan ne iyakar abin da teburin zai iya riƙewa. Duk abin da ya fi wannan ƙanƙanta ba siffa yake bayarwa ba, ƙura ce kawai. To na tsaya a takwas. Shi kuma `off` ɗin nan yana da aiki, noyis ɗin Perlin sifili yake bayarwa a duk mahaɗar layukan ragarsa, idan ba a goce kowane oktif gefe ba sai mahaɗan su hau kan juna, ka riƙa ganin wuraren da suka yi lumus a jere.

Laraba, 9 ga Oktoba

Na nuna wa ƙanwata hoton farko a leftof, ta daɗe tana kallo sannan ta ce, "Yaya, to in an yi ruwa a nan ina zai bi?" Wallahi tambayar nan ta kama ainihin matsalar. Ko'ina ka duba akwai rami rufaffe da babu mafita, tudu da kwari kamanninsu ɗaya, in ka kifa taswirar sama ta koma ƙasa ba za ka gane an kifa ba. Ƙasar gaske ba haka take ba, kwarinta a haɗe suke ƙarami na zuba cikin babba, samanta tsirara ne ƙasanta kuma cike da abin da ya gangaro.

Akwai kuma abin da sai yau na fahimta game da rabin nan. In kana raba faɗi biyu kana raba ƙarfi biyu, to gangaren da kowane oktif ke ƙarawa daidai yake da na ɗan'uwansa, shi ya sa kaushin ya bazu ko'ina bai bar ko da fili ɗaya da mutum zai ce nan gona ce ba. Na sauke 0.5 zuwa 0.45, kaushin ya ragu sosai. Sannan na matse taswirar tsakanin 0 da 1 na ɗaga ta `h ** 1.8`. Wurin da yake mita 80 ya sauka kusan 22, na 200 ya koma 115, na 360 kuwa 331 kawai ya koma. Ƙasa-ƙasan ya kwanta, ƙololuwa ta tsaya a inda take. Ya fi kyau a ido amma tambayar ruwan tana nan ba a amsa ba.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Kwana biyu ina fama da matakala. A Godot duk gangare mai laushi sai ya fito hawa-hawa kamar benen masallaci. Na zaci noyis ɗin ne, ashe wajen ajiya ne, na adana taswirar a hoton bit 8 wanda matakai 256 kaɗai gare shi. Raba mita 400 da 255 ka samu mita 1.57 kowane mataki. Gangaren digiri 2 yana hawa santimita 14 ne a kowane gurbi, kenan sai an yi gurbi goma sha ɗaya a kwance sannan a yi tsalle ɗaya. Da bit 16 matakin wajen milimita 6 ne kawai. Ni dai na bar hoto gabaɗaya, ina zubar da `float32` kai tsaye da `tofile`, megabait 4.2 ne kacal, a can kuma in karanta shi da `Image.create_from_data` da `FORMAT_RF`. Matakala ta ɓace.

Asabar, 19 ga Oktoba

Zaizaya. Nan ne zuciyar aikin, kuma zan ɗan daɗe a kai.

Hanyar ɗigon ruwa na ɗauka, irin wadda Hans Beyer ya bayyana a 2015. Ana jefa ɗigo ɗaya a wurin da aka zaɓa da ka, a bar shi ya gangara taki-taki, kowane taki tsawon gurbi ɗaya. Yana ɗauke da abu huɗu a jikinsa: inda ya dosa, saurinsa, yawan ruwansa, da lakar da ya kwaso. A kowane taki yana duba gangaren da ke ƙarƙashinsa ya karkata can, amma ba gabaɗaya ba, yana riƙe ɗan kaso na alkiblarsa ta baya, ni 0.05 na ba shi. Daga nan sai a lissafa iya lakar da zai iya ɗauka. In abin da ke hannunsa bai kai haka ba ya ƙara kwasa daga ƙasa, in ya wuce ya zubar.

```python
cap = max(-dh, min_drop) * speed * water * 4.0
if dh > 0:
    drop = min(dh, sed)
elif sed > cap:
    drop = (sed - cap) * 0.3
else:
    take = min((cap - sed) * 0.3, -dh)
```

`dh` shi ne sabon tsayi a cire tsohon, in ɗigon na sauka lambar tana ƙasa da sifili. Bari in bi taki ɗaya da lambobi don ni ma sai da na yi haka a takarda na gane. A ce ya sauka rabin mita, saurinsa 2, ruwansa saura 0.9. Abin da zai iya ɗauka shi ne 0.5 sau 2 sau 0.9 sau 4, wato 3.6. A hannunsa akwai 1.0, saura gurbin 2.6, kashi 30 cikin ɗari na wannan 0.78 ne. Amma fa rabin mita kawai ya sauka. In aka bar shi ya kwashe 0.78 daga inda ya baro, wurin zai koma ƙasa da inda ya taka yanzu da 0.28, ya haƙa rami a bayansa kenan. Ɗigo na gaba ya faɗa ramin, gangaren shiga ya fi tsanani, ya ƙara haƙawa. Gwajina na farko babu `min` ɗin ƙarshen nan, bayan ɗigo dubu hamsin taswirar ta cika da ramuka masu zurfi kamar rijiyoyi da tsinaye a gefensu. Da na mayar da shi suka tafi.

Kwasar ma ba daga gurbi ɗaya ake yi ba, ana raba ta a da'ira mai faɗin gurbi 3 kowane ɓangare, tsakiya ta fi ba da yawa. In ba haka ba kwarin sai su fito sirara kamar an ja reza. Zubarwa kuwa a gurbi huɗun da ke kewaye da ɗigon kawai ake yi, don ya iya cike ƙaramin rami.

Wata matsalar da ta ci min yamma guda: taswirar ta fito da baƙin tabo da ke ta faɗaɗa. Saurin ana sabunta shi ne da `sqrt(speed*speed - dh*g)`, `g` shi ne ƙarfin jan ƙasa, to in ɗigon ya hau tudu da ɗan sauri abin da ke cikin baka yana iya zama ƙasa da sifili, sai a samu `nan`, wato amsar da ba lamba ba ce, shi kuma `nan` duk abin da ya taɓa ya zama irinsa. Na sa `max(0.0, ...)` a ciki, kuma yanzu bayan kowane zagaye ina duba `np.isnan(h).any()`.

Python zalla ya yi min kusan minti biyu a ɗigo dubu hamsin. Na ɗora `@njit` na Numba, mai hanzarta lissafin Python, a kan aikin, yanzu miliyan ɗaya ba ya kai rabin minti a leftof ɗina.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Sati guda ina kallon abin ina jin akwai abin da bai zauna ba. Jikin tsaunuka ya yi ƙorama-ƙorama masu kyau, amma gindinsu fayau, babu tarin laka, babu shimfiɗaɗɗen wuri. Na tara `h.sum()` kafin zaizaya da bayanta sai na ga ƙasa mai yawa ta ɓace, ta fi abin da zai iya fita ta gefen taswira nesa ba kusa ba. Ɗigon suna mutuwa da lakarsu a hannu ba su zubar ba.

Laifin yana wajen `min_drop`. Na sa masa 0.01 don ina ganin ƙaramar lamba ce, alhali a lokacin taswirar da nake miƙa wa zaizayar tsakanin 0 da 1 take. 0.01 na mita 400 mita 4 ne, a taki mai tsawon mita 4, digiri 45 kenan cif. Ma'ana na gaya wa kowane ɗigo cewa ko a kan shimfiɗaɗɗen fili yake ya ɗauki kaya kamar yana gangarowa daga digiri 45. To yaushe zai zubar? Na mayar da komai mita tun kafin a shiga zaizaya, na sa `min_drop` ya zama 0.05, wajen digiri 0.7, na sake daidaita `g`. Nan take laka ta fara taruwa a bakin kowane kwari tana bajewa kamar mafici, ramukan noyis ɗin nan rufaffu suka fara cikewa suna zama fili. Na kuma sa duk ɗigon da wa'adinsa ya ƙare ya sauke ragowar kayansa a hankali a takunsa na ƙarshe.

Jiya da safe na bi ta bayan unguwa inda damina ta bar kwazazzabo a gefen hanya, na tsaya na kalle shi sosai. Samansa a tsaye kamar an yanka da wuƙa, bakinsa kuma yashi mai laushi a baje. Abin da allon ke nuna min kenan yanzu, a karon farko.

Saura tsawon rai. Taki 30 na ba kowane ɗigo, mita 120 kenan a fili mai mita 4096, ba yadda za a yi ya haƙa kwarin da zai ratsa taswira. Ƙara takin kawai ba ya wadatarwa don ruwan na ƙafewa, da kashi 1 cikin ɗari a kowane taki bayan taki 64 kusan rabi ya rage. Abin da ya yi aiki shi ne farawa da ƙaramar taswira, 257 sau 257, gurbi mita 16, oktif biyar na farko kawai. A can taki 64 ya haura kilomita ɗaya, manyan kwari suka fito suka haɗe da juna. Sai in faɗaɗa ta zuwa 513 in ƙara oktif in sake zaizaya, sannan 1025. A kowane hawa dole `min_drop` ya bi girman gurbin, 0.2 a mita 16, 0.1 a mita 8.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Gajere ne yau. Na ƙara zubewar ƙasa, wadda Musgrave da abokan aikinsa suka kawo tun 1989 tare da ta ruwa. Busasshen yashi ba ya tsayawa a gangaren da ya wuce wajen digiri 34, in ya wuce sai ya zube. A gurbin mita 4 wannan bambancin tsayi ne na mita 2.7 tsakanin maƙwabta, na kusurwa kuma da yake nisansu mita 5.66 ne nasu 3.8. Da na sa 2.7 ga duka takwas ɗin tarin ƙasar sai ya fito da kusurwoyi, ba zagaye ba.

Da na sake shi a kan taswirar duka ya cinye min duk wani bangon dutse, tsaunukan suka koma tarin yashi. Yanzu ina riƙe tebur na biyu da ke ƙirga kaurin lakar da ruwa ya zubar a kowane gurbi, ita kaɗai ke zubewa, dutsen ƙarƙashi ba ya motsi. Zagaye 40 ya isa.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Fenti. Kusan duk misalin da za ka gani jerin iri ɗaya ne, yashi a ƙasa, ciyawa, dutse, ƙanƙara a ƙololuwa. Ni ba wannan ƙasar nake ginawa ba. Tekca huɗu na zaɓa, wato hotunan fuskar ƙasa da ake shimfiɗawa: baƙin dutse, jar marmara, busasshiyar ciyawa, da koren fadama. A irin ƙasar da na sani kore a ƙasa yake inda ruwa ke kwanciya, sama kuma sai ja da dutse.

Gangare ne ke fara yanke hukunci kafin tsayi, don bangon dutse dutse ne ko a mita 20 yake ko a 350.

```python
gy, gx = np.gradient(h, 4.0)
slope = np.degrees(np.arctan(np.hypot(gx, gy)))
rock = smoothstep(28, 38, slope)
```

Ƙasa da digiri 28 babu dutse, sama da 38 dutse zalla, tsakani kuma gauraye. Karon farko na manta 4.0 ɗin nan, sai kusan duk taswirar ta zama dutse. In ba ka faɗa masa ba yana ɗauka tazarar gurbi mita 1 ce, gangaren digiri 20 sai ya karanta shi 55 da ɗoriya. Hanyar ganewa mai sauƙi ce, na gina gangaren gwaji da na san digiri 20 ne na ba shi, ya ba ni amsar da ba ita ba. Karo na biyu kenan mita 4 ɗin nan na kama ni, don haka yanzu `CELL`, wato girman gurbin, ɗaya ce a fayil ɗaya kowa daga can yake ɗauka.

Abin da dutse ya bari shi ake rabawa da tsayi. Marmara na shigowa tsakanin mita 120 da 180. In ka bar shi haka layin zai zagaye tsaunin daidai wa daida kamar alamar ruwa a jikin randa, ido na ganinsa daga nesa. Kafin in gwada tsayin sai in ƙara masa wani noyis mai faɗin mita 60 da ke kai shi sama ko ƙasa da mita 15, layin ya kakkarye ya shiga juna.

Fadama kuwa tsayi kaɗai bai iya ba ni ita ba. Na gwada cewa duk abin da ke ƙasa da mita 40 kore ne, sai ya zama kamar an zuba fenti a kwano. Teburin lakar nan na makon jiya shi ya fitar da ni: inda kaurin laka ya wuce rabin mita kuma gangare bai kai digiri 6 ba, nan ne kore. Sai ga koren yana bin kwari yana hawa har tsakiyar tsauni a siririn layi, yana faɗaɗa a bakin kwarin. Wannan ya fi duk abin da na yi a aikin nan faranta min rai. Nauyin huɗun ina raba su da jimillarsu don su taru su ba da 1, in ba haka ba mahaɗarsu na yin duhu ko haske fiye da kima, sannan in zuba su a tashoshi huɗu na hoto ɗaya.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Bangayen dutse sun fito da jan layi kamar an ja rigar roba. Tekcar daga sama ake haska ta, to a gangare tana miƙewa da 1 a raba da kosain ɗin kusurwar, a digiri 60 ninki biyu, a 70 kusan uku. Maganin shi ne a haska ta daga ɓangare uku, sama da gefe biyu, a gauraya gwargwadon inda fuskar wurin ke kallo. Tsadarsa karatu uku ne a maimakon ɗaya, in na yi wa duka huɗun ya zama goma sha biyu a kowane fiksel na launi kaɗai. Dutse kawai na yi wa tunda sauran ba sa hawa gangare mai tsanani, karatu shida kenan.

Da na kunna sai gaurayen ya riƙa sauyawa duk sanda na juya kyamara. A Godot 4 `NORMAL` na cikin `fragment()` daga idon kyamara ake auna shi, ba daga duniyar wasan ba, sai an juya shi:

```glsl
vec3 n = (INV_VIEW_MATRIX * vec4(NORMAL, 0.0)).xyz;
vec3 w = pow(abs(n), vec3(4.0));
w /= w.x + w.y + w.z;
```

Ya tsaya cak yanzu.

Na sake kiran ƙanwata, ta sa yatsa a saman wani tsauni ta bi kwarin har ƙasa, ta ce, "Yaya, nan ya tsaya." Gaskiyarta, akwai manyan kwatami guda uku a tsakiyar taswirar da laka ba ta cike ba, ruwa na shiga ba ya fita. Ɗigo ɗaya-ɗaya ba ya taruwa ya zama tafki balle ya cika ya tsallake baki. Gobe zan gwada cike su a taswirar 257 tun kafin zaizaya, in fara daga gefen taswira ina shigowa ciki daga wuri mafi ƙasa, kowane gurbi in ɗaga shi ya ɗan fi wanda ruwansa zai zuba ciki da santimita 1. Ɗaya daga cikin ukun, na arewa maso gabas, ina so in bar shi ya zama tafki, sai in nemo tsayin bakinsa mafi ƙasa in shimfiɗa ruwan daidai nan.